Ina sallah, amma na kasa ɗaga hannu in roƙa

Maman Hanif:
Assalamu alaikum. Don Allah wanda zai ba ni amsa ya daure ya karanta har ƙarshe tukuna.

Haihuwata huɗu. Na fari, Hanif, sikila ne, ya rasu yana da shekara huɗu. Mai bi masa lafiyarta ƙalau, tana firamare. Ta uku ita ma sikila ce, ba a daɗe da yaye ta ba ta bi yayanta. Kuɗin asibiti da ƙarin jini suka cinye jarin maigida har ya saki shagon, yanzu adaidaita sahun wani yake ja. Da na samu ciki na huɗu babu irin roƙon da ban yi ba. Na yi tsayuwar dare, na yi azumin nafila kafin cikin ya tsufa, na yi sadaka da abin da ni ma nake bukata, goman ƙarshe na Ramadan kuwa abu ɗaya na riƙa nanatawa, Allah ya ba ni lafiyayye. Makon jiya aka karɓo sakamakon jinin yaron. SS ne, shi ma sikila ne.

Ban bar sallah ba. Amma ina sallamewa nake naɗe darduma in tashi, na kasa ɗaga hannu. In na yi niyya sai zuciyata ta ce, me za ki roƙa, na baya ma ina ya kai ki? Wani lokacin har takan ce anya ana jin ki kuwa. Akwai kuma wani abu kamar fushi da nake ji, ina tsoron in faɗi da wa nake yin sa. In ya taso sai in yi ta maimaita kalmar shahada, ina ganin kamar na fita daga Musulunci. A gida ba wanda zan gaya wa, kowa "ki yi haƙuri" yake cewa, ni kuma ban san ko abin da nake yi haƙuri ne ko ba shi ba ne.

Tambayata biyu ce. Na kafirta? Kuma wannan rubutun da na yi, shi ma zunubi ne?

Hajiya Binta Maraɗi:
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan yaran, ya sa masu ceto ne. 'Yata, wannan ba ya rasa hannun mutane. Wabi ga karayar arziki ga ƙin addu'a duk a gida ɗaya? A nemi mai ruƙiyya na kirki, a riƙa karanta Baƙara a ɗakin, ki dinga shafa man habbatussauda. Na ga irin haka a danginmu.

Abu Ammar:
Allah ya ba ki haƙuri 'yar'uwa. Amma gaskiya ɗaya ce, ki ji tsoron Allah ki tuba tun da wuri. A Suratul Hajji aya ta 11 Allah ya ba da labarin wanda yake bauta masa a gefe-gefe, in alheri ya same shi ya natsu, in fitina ta same shi ya juya baya, ya yi asarar duniya da lahira. A Suratus Shura aya ta 30 kuma ya ce duk musibar da ta same ku to da abin da hannayenku suka aikata ne. Ki binciki kanki, ki yawaita istigfari. Kuma irin wannan magana ba a baza ta a gaban jama'a, ni a ganina ki goge.

Malama Hajara:
Maman Hanif, kada ki goge. Ba ki kafirta ba, kuma tambayar da kika yi ba zunubi ba ce. Zan faɗi dalili, amma bari in fara da ayar da Malam Abu Ammar ya kawo, don na san ita za ta hana ki barci yau.

Bukhari ya ruwaito daga Ibnu Abbas a kan wa ayar Hajji take magana. Mutum ne yakan zo Madina ya musulunta, in matarsa ta haifi namiji, dawakinsa suka hayayyafa, sai ya ce wannan addini na kirki ne. In ba a haihu ba sai ya ce mugun addini ne. Wato ya shigo da sharaɗi, da sharaɗin bai cika ba ya juya ya tafi. Ke kin binne biyu, an ba ki sakamakon jaririn, kika tashi kika yi alwala kika fuskanci alƙibla. Wanda ya juya baya ba ya tambayar ko ya kafirta, don bai dame shi ba.

Abin da zuciyarki take raya miki kuwa, sahabbai sun riga ki kai shi gaban Manzon Allah (SAW). A Sahihu Muslim, Abu Huraira ya ce wasu sahabbai sun zo suka ce, muna jin wani abu a zukatanmu wanda ɗayanmu yake ganin girman ya furta shi. Ya ce, kun ji hakan? Suka ce e. Ya ce wannan shi ne tsantsar imani. Malamai suka ce ba tunanin ne imanin ba, ƙin sa da jin nauyinsa shi ne imanin. Ki lura kuma bai ce musu don me kuka faɗa ba, bai ce su sake shahada ba. Ga kuma hadisin Bukhari da Muslim, cewa Allah ya yafe wa al'ummar nan abin da zukatansu suka raya matuƙar ba su aikata ba ko su furta.

Abu Ammar:
To ai Malama ga shi nan kin faɗa da kanki, "ko su furta". Ita kuwa ta furta, har ta rubuta.

Malama Hajara:
Furucin da ake kama mutum da shi shi ne ya faɗi abin yana mai tabbatar da shi, ya ce haka ne, na yarda. Wanda ya ce "ga abin da yake zo mini, ina ƙin sa, ku taimake ni" labarin ciwonsa ya bayar. Abu Dawud ya ruwaito cewa Abu Zumail ya ce wa Ibnu Abbas, mene ne wannan da nake ji a ƙirjina? Ya ce mene ne? Ya ce wallahi ba zan faɗa ba. Ibnu Abbas ya ce, wani abu ne na shakka? Ya yi dariya, ya ce ba wanda ya tsira daga wannan. Sannan ya ce in ka ji shi ka karanta aya ta 3 ta Suratul Hadid, "Huwal awwalu wal akhiru waz zahiru wal baɗinu wa huwa bi kulli shai'in alim". Ka ga Ibnu Abbas da kansa ya kira wa mutumin sunan abin, don ya sauƙaƙa masa faɗa. Da za a hana mutane tambaya, da sai kowa ya zauna da nasa a ciki yana yanke wa kansa hukuncin wuta, kuma na ga inda hakan yake kai mata. Sai mace ta ce tunda na riga na halaka, sallar me zan yi.

Sista Rabi:
Ni ma'aikaciyar jinya ce, na yi aiki a ɗakin yara. Ba zan shiga fagen malamai ba, amma akwai abin da ya kamata a cire daga kan baiwar Allah nan. Hajiya, da girmanki, wannan ba hannun mutane ba ne. In uba AS ne uwa ma AS ce, wato kowannensu yana ɗauke da sikila a jininsa amma ba ya ciwon, kowane ciki yana da kaso ɗaya cikin huɗu na zuwa SS. Mutane suna ɗauka ma'anarsa in an haifi huɗu ɗaya ne kawai zai zo da shi, ba haka ba ne. Kowane ciki lissafinsa sabo ne, bai san abin da ya faru da na baya ba. Na ga gidan da aka haifi shida ba sikila ko ɗaya, na ga gidan da uku a jere duk SS, kuma ba wanda zai ce gida na farko ya fi na biyu tsoron Allah. Da yawa daga abin da iyayenmu suke kira wabi wannan ne, ba a gwaji ne kawai a lokacin. Karatun Baƙara alheri ne, a yi. Amma kada a sa ta fara zargin dangin miji da maƙwabta a kan abin da yake cikin jini.

Maman Hanif, maimaituwar abin ita ta sa kike ganin kamar an ware ki ne. Ta fuskar jini dai babu wani saƙo a cikin maimaituwar.

Hajiya Binta Maraɗi:
To Sista, na ji na jini. Karayar arzikin fa?

Sista Rabi:
Hajiya, duk wanda ya yi jinyar sikila biyu ya san inda jarin ya tafi. Kwanciya asibiti, leda bayan leda ta jini, ga kasuwa an bari ana zaman jinya.

Maman Hanif:
Na gode Malama, na gode Sista. Na karanta ina kuka. Amma Malama kada in ɓoye miki, ina ganin kamar hadisin nan bai gama rufe ni ba. Su sahabbai tunani ne yake faɗo musu su kore shi. Ni "anya ana jin ki" ɗin nan ina ƙin sa, na yarda. Amma fushin ba faɗowa yake ba, nawa ne, yana nan zaune. In na ga yaron yana barci na tuna abin da yake jiransa, yadda Hanif yake ihu in ciwon ƙashi ya tashi, sai in ji raina ya ɓaci, kuma na san ba da likita nake ba, ba da maigida nake ba.

Malama Hajara:
Gara da kika faɗi haka, don gaskiyarki ne, abu biyu ne daban kuma maganinsu daban.

Na farko waswasi ne, maganinsa a ƙi biye masa. Ki daina maimaita shahada da niyyar sake shiga Musulunci, don duk lokacin da kika yi haka kin gaya wa zuciyarki cewa da gaske kin fita, gobe sai ta dawo da ƙarfi. Ki yi zikirinki don zikiri. In ya zo ki ce "amantu billahi", ki nemi tsari, ki ci gaba da abin da kike yi.

Na biyu zafin ƙaddara ne, kuma a nan mutane suke ɗora wa kansu abin da Allah bai ɗora musu ba. Malamai sun raba haƙuri da yarda. Haƙuri wajibi ne. Yarda, wato zuciya ta kai inda ba ta jin ɗacin abin, daraja ce ta sama, kuma zance mafi ƙarfi shi ne mustahabbi ce, wanda bai kai can ba bai yi laifi ba. Shi haƙurin kuwa riƙewa ne. Ki riƙe harshe daga cewa Allah ya zalunce ki, ki riƙe hannu daga marin fuska da yaga tufa, ki riƙe zuciya kada ta yanke hukuncin cewa Ubangijinta azzalumi ne ko ya yasar da ita. Ba a ce kada ta yi zafi ba. Ai sai abu yana fizgar mutum ake cewa ya riƙe. Kin ce ba ki san ko abin da kike yi haƙuri ne ba. Mace tana jin abin da kike ji, ba ta saki harshenta ba, tana sallarta, tana shayar da yaron, wannan shi ne haƙurin, ko da ba ta jin daɗinsa.

Iyakar da zan gaya miki tsakani da Allah ita ce wannan. "Ya Allah na kasa gane wannan, ya yi mini nauyi, raina yana ɓaci, ka riƙe ni" kai kuka ne gare shi. "Allah bai yi mini adalci ba" in an faɗa ana nufi, wannan tuhuma ce, ita ce ake tuba daga gare ta. Abin da na karanta a rubutunki na farkon ne.

Ki duba Annabi Yaƙub a Suratu Yusuf. Ya ce haƙuri mai kyau, a aya ta 83. Aya ta gaba ya juya yana kiran baƙin cikinsa a kan Yusuf har idanunsa suka yi fari. 'Ya'yansa suka ce ba za ka daina ambaton Yusuf ba sai ka halaka, irin dai abin da ake gaya wa mai makoki a gidajenmu in an ga ya daɗe. Ya ce ni Allah kaɗai nake kai wa kukan damuwata da baƙin cikina. Alƙur'ani bai ga karo tsakanin haƙurinsa da makancewarsa don kuka ba. Shi ma sau biyu aka taɓa shi, Yusuf sannan ɗan'uwansa. Nana Maryam da naƙuda ta kai ta gindin dabino cewa ta yi ina ma na mutu kafin wannan, kuma amsar da ta samu ita ce kada ki yi baƙin ciki, ga ruwa ga dabino. A Baƙara aya ta 214 kuwa, Manzo ne da muminan da suke tare da shi aka girgiza har suka ce yaushe taimakon Allah zai zo.

Abu Ammar:
Ban musa ko ɗaya ba. Amma ayar Shura tana nan, ba a shafe ta ba. Kuma istigfari bai taɓa cutar da kowa ba.

Malama Hajara:
Tana nan Malam, kuma istigfari dukkanmu muna bukata, Annabi (SAW) ma yana yi alhali an gafarta masa. Inda ban bi ka ba shi ne a nuna wa mutum musibarsa a ce wannan sakamakon zunubinki ne. Wannan gaibu ne, ba ni ba kai. Tirmizi ya ruwaito daga Sa'ad ɗan Abi Waƙƙas cewa mafi tsananin jarrabawa annabawa ne, sannan na kusa da su, sannan na kusa da su. Manzon Allah (SAW) 'ya'ya bakwai ya haifa, shida sun riga shi rasuwa. Zainab a shekara ta 8 bayan hijira, Ummu Kulsum a ta 9, Ibrahim a ta 10, uku a jere. Da Ibrahim yake fitar da rai a hannunsa hawaye ya zubo, Abdurrahman ɗan Aufu ya ce har kai ya Manzon Allah? Ya ce wannan rahama ce, ido yana hawaye, zuciya tana baƙin ciki, ba ma faɗin sai abin da Ubangijinmu ya yarda da shi. Wace macen da ta binne 'ya'ya za ka gaya wa "binciki kanki" ba ta ji cewa ita ta kashe su ba?

Sani Funtuwa:
Ku ba ni dama in sa baki, don ni nawa ya wuce na Maman Hanif muni. 'Yan bindiga suka ɗauke mahaifinmu a gona. Muka sayar da gonar da shanu muka kai kuɗi, suka ƙara nema, muka ciwo bashi muka kai, ƙarshe gawarsa ma ba mu samu ba. Mutumin da ya yi shekaru yana limancin masallacin unguwa. Duk lokacin da yake hannunsu ana sauke Alƙur'ani a gidanmu. Bayan haka ni ban tsaya a waswasi ba, barin sallah na yi, watanni, kuma da gangan. In na ji kiran sallah sai in ji haushi. Ban taɓa cewa babu Allah ba, amma na ce a raina tunda haka ne kowa ya kama gabansa.

Ba wa'azi ne ya dawo da ni ba. Masu wa'azin ma su suka ƙara kora ta, kowa da ayar da zai jefe ni da ita. Wani abokin Baba ne, tsoho, kullum da asuba sai ya ƙwanƙwasa ƙofa ya ce Sani zo ka raka ni, idona ba ya gani sosai. Bai taɓa tambayata komai ba. Ina raka shi ina tsayawa a waje, har na fara shiga. Yau ina sallah. Amma in kun tambaye ni don me aka bar su suka kashe shi, har yanzu ban sani ba, kuma na daina yi wa kaina ƙaryar cewa na sani. Malama, ni ina matsayina?

Malama Hajara:
Allah ya jiƙan Baba, ya karɓi shahadarsa. Malam Sani, ba zan ce maka barin sallar ba komai ba ne, babban zunubi ne, kai ma ka sani. Amma zunubi ne mai ƙofa, kuma ka riga ka shigo ta cikinta. Abin da ya rage ramuwa ce. A mazhabarmu ta Malikiyya ana rama sallar da aka bari ko da gangan ne. Ahalari ya ce wanda yake rama sallolin kwana biyar a kowace rana ba a kiransa mai sakaci. Ka ƙiyasta watannin, in kana kokwanto ka ɗauki adadin da zai cire maka shakka, ka riƙa ramawa gwargwadon ƙarfinka ba tare da ka bar neman abincin iyali ba. Ramuwa ba ta da lokacin hani, ko bayan la'asar ne kana iya yi. Rashin sanin dalilin kuwa ba ya cikin abin da za ka tuba daga gare shi, ba a aiko kowa da wannan sanin ba.

Ummi K.:
Anti Malama ni ba a yi mini rasuwa ba, amma abin shahadar nan ni ma ina yi, har wanka nake sakewa in ce na sake musulunta. A sallah ma sai in yi ta sake kabbara. Ban taɓa gaya wa kowa ba sai yau.

Malama Hajara:
Ummi, naki waswasi ne zalla. A Ahalarin da kika karanta a Islamiyya an ce mai waswasi ya watsar da shi, kada ya kawo abin da ya yi shakka a kansa, sai dai ya yi sujada ba'adiyya. Kabbara ɗaya, wanka babu. Zai yi miki wuya kwanakin farko, ki daure. In ya kai yana cinye miki awanni, ki ga likitan ƙwaƙwalwa, don akwai irin wannan da ciwo ne kuma ana maganinsa.

Sista Rabi:
Wannan ya kawo ni kan abin da nake son tambayar Maman Hanif. Kina barci? Kina cin abinci? Akwai abin da yake ba ki sha'awa har yanzu, ko komai ya zama ɗaya? Kina jin gara ki mutu? Ba sai kin amsa a nan ba. Amma in mace ta yi mako biyu ko fiye a haka, ga jego ga rasuwa biyu a baya, muna tunanin ciwon damuwa. Yana daga alamominsa mutum ya riƙa ganin kansa mai laifin da ba a yafewa, kuma komai ya daina yi masa ɗanɗano, har ibada. Mai addini sai ya fassara wannan da cewa imaninsa ne ya tafi. Akwai sashen masu duba wannan a asibitocin koyarwa, akwai asibitin Dawanau a Kano, da na Barnawa a Kaduna, da na Kware a Sakkwato. Zuwa can ba hauka ba ne. In tunanin cutar da kanki ya zo, ranar za ki gaya wa wani a kai ki, ba jira.

Shi kuma yaron, an gano shi da wuri, wannan babban bambanci ne. A yi masa rajista a asibitin sikila tun yanzu kafin ciwo ya fara, a cika rigakafi, a kare shi daga sauro, a tambayi likita maganin kariya daga ƙwayoyin cuta da ake ba ƙanana da kuma haidroksiyuriya, wanda yake rage yawan tashin ciwon. Zazzaɓi ko kaɗan ne asibiti a ranar. Ba zan yi miki alkawarin komai ba, amma ina da marasa lafiya SS da suka yi aure suka haihu.

Maman Hanif:
Barci kam babu, Sista. Zan je. Na ƙarshen da kika tambaya bai zo mini ba, alhamdu lillahi.

Malama, saura addu'ar. Na san hadisin da aka ce ko a ba ka, ko a ajiye maka, ko a kare ka daga wani sharri. Ni ma na sha gaya wa wasu. Yanzu in na tuna shi ba ya shiga.

Malama Hajara:
Ba sai ya shiga yau ba. Hadisin gaskiya ne, amma ba kowace gaskiya ce take sanyaya zuciya a makon farko ba, kuma rashin jin sanyinta ba ƙaryata ta ba ne. Abin da zan ƙara miki shi ne, hana mutum ainihin abin da ya roƙa ba alamar an yi watsi da shi ba ne. Annabi Nuhu ya yi magana a kan ɗansa, ba a ba shi ba. A Sahihu Muslim Manzon Allah (SAW) ya ce ya roƙi Ubangijinsa abu uku, aka ba shi biyu aka hana shi ɗaya.

Ɗaga hannu bayan sallama ba farilla ba ne, sallarki ta cika ba tare da shi ba. Kuma kina addu'a ba ki lura ba, Fatiha rabinta roƙo ne. Ki riƙe farillan nan biyar, kada ki ɗora wa kanki tsayuwar dare yanzu don ki gwada ko imaninki yana nan. In kin kasa haɗa kalmominki, ki ari na wasu. Na Annabi Ayyub gajere ne, "Anni massaniyad durru wa anta arhamur rahimin", cuta ta shafe ni kuma kai ne mafi jinƙan masu jinƙai. Ko roƙo bai fito fili a ciki ba, halinsa kawai ya faɗa. Akwai na Ummu Salama, "Allahumma'jurni fi musibati wa akhlif li khairan minha". Ita kanta da Abu Salama ya rasu aka ce ta faɗa, sai da ta ce a ranta wa ya fi Abu Salama, sannan ta faɗa. Ta faɗe shi zuciyarta ba ta gama gamsuwa ba, kuma aka karɓa. Ranar da kika iya, ki zauna bayan sallama ki gaya masa da Hausa abin da kika gaya mana, har da cewa kin kasa roƙo. Ba abin da za ki faɗa wanda bai riga ya sani ba.

Maman Hanif:
To shi yaron fa, me ya yi? Ni in jarrabawata ce na ji. Shi da zai sha ciwon?

Abu Ammar:
Nan ne fa nake tsoro. "La yus'alu amma yaf'alu", ba a tambayarsa a kan abin da yake aikatawa. Suratul Anbiya aya ta 23. Wannan tambayar a bar ta.

Malama Hajara:
Ayar tana nufin ba mai tuhumarsa ko ya kama shi da laifi, kuma haka ne. Amma mala'iku sun tambaya a Baƙara aya ta 30, za ka sanya mai ɓarna da zubar da jini a cikinta? Ba a kore su ba, an ce musu ni na san abin da ba ku sani ba. Maman Hanif, iyakar amsar da nake da ita ke nan. Na san yaro ba a rubuta masa zunubi, don haka ba horo ba ne. Na san Allah ba ya zalunci daidai da ƙwayar zarra. Hikimar ciwon wannan yaron a keɓe kuwa, duk wanda ya ce miki ga ta, ƙirƙira ya yi.

Abu Ammar:
Ni dai har yanzu ina ganin a je wa malami a keɓe ya fi a yi a nan, don akwai masu raunin da za su karanta tambayar su riƙe ta, su bar amsar.

Sani Funtuwa:
Malam, masu raunin suna da tambayar tun kafin su karanta. Ni da na ga ko mutum ɗaya ya faɗi irin wannan a lokacin, aka amsa masa ba a kore shi ba, ban jin zan kai inda na kai.

Maman Hanif, maigidan fa? Ba ki ce komai a kansa ba.

Maman Hanif:
Tun ranar da ya karɓo takardar bai yi maganar ba. Yana fita da asuba, sai dare. Ban sani ba ko yana zuwa masallaci, kuma ina tsoron tambaya.

Sani Funtuwa:
Kada ki tambaye shi sallah, zai ji kamar tuhuma. Ki fara gaya masa naki, ko kaɗan ne, don wataƙila yana ganin ke kin daure shi kaɗai ne ya karye. In yana da wani babba da yake jin nauyi, kawu ko tsohon maigidansa na kasuwa, a gaya masa ya riƙa leƙo shi ba da sunan nasiha ba. Kuma ranar zuwa asibitin sikilar ki ce ya raka ku, ko da zai rasa aikin rabin yini.